Juma'ar da Muka Janye Sabon Zubi

Shekara talatin da biyar na yi ina aikin ƙididdiga a ma'aikatar lafiya, daga akawu mai kwafe rajista har na kai ga kujerar da ake kawo mini fayil in sa hannu. A zamaninmu, da rula da jan biro ake aiki. Wanda ya koya mini aikin ba ya karɓar takarda in ya ga kankara a jikinta. Sai dai ka ja layi guda a kan kuskurenka, ka rubuta daidai a sama, ka sa hannu a gefe, domin duk wanda ya zo bayanka ya ga inda ka ɓata da inda ka gyara. Da wannan tarbiyya na yi ritaya, na koma gidana a Unguwar Sarki, ina tsammanin tsakanina da alƙaluma sai dai labari.

Ba a daɗe ba 'yata ta uku ta zo mini da magana. Ita ce mai sunan mahaifiyata, saboda haka Uwata nake ce mata a gida. Ta karanta ilimin kwamfuta, kuma ita ce babbar injiniya a wani ƙaramin kamfani da ke saman wani bene a kan hanyar Mando. Manhaja suka ƙera wadda ma'aikatan jinya a ƙananan asibitoci ke shigar da riga-kafin yara a cikinta: a yi wa jariri rajista, a rubuta allurar da aka yi masa, in lokacin ta gaba ya yi na'ura ta aika wa uwa saƙon tuni a waya. Ta ce suna da masu iya na'ura, amma ba su da wanda ya san yadda ake cika rajistar asibiti da hannu. Mai kamfanin, wani Bakano mai fara'a da yawan gaggawa, ya zo da kansa har zaure ya roƙe ni in riƙa zuwa kwana biyu a mako, Litinin da Juma'a. Na amsa, bisa sharaɗin cewa a ofis ba Uwata ba ce, Injiniya ce, kuma ba za a sassauta mata don ni ba.

Wata huɗu ta yi tana gina sabon zubin manhajar. Fom ɗin ya gajarce, shafi yana buɗewa da sauri, sannan ta ƙara wani abu da masu ɗaukar nauyin aikin suka daɗe suna nema, wato matatar da za ta hana a yi wa yaro ɗaya rajista sau biyu. In uwa ta ɓatar da kati aka zo sake rubuta ɗanta, manhaja za ta gane shi ta buɗe tsohon shafinsa. Ranar Talata mai zuwa aka shirya masu ɗaukar nauyin za su zo su ga wannan aiki da idonsu, kuma kowa a ofishin ya san cewa sunanta ne a kai. In ya yi kyau, nata ne. In aka janye shi kafin Talata, ita za ta tsaya gaban baƙi ta faɗi dalili.

Kafin a saki zubin, ta yi wani abu da ya burge ni. Ta tsaya gaban farin allo ta rubuta ma'auni huɗu da za a duba kafin sakin da bayansa: yawan kurakuran da babbar na'urar da ke riƙe da bayanai, wadda suke kira saba, take mayarwa, tsawon lokacin da ajiye fom ke ɗauka, jimillar alluran da aka shigar, da kason sababbin rajista cikin duk yaran da aka gani. A gaban kowane ma'auni ta rubuta iyaka, ta ce duk wanda ya ƙetare iyakarsa ba tare da an san dalili mai kwantar da hankali ba, a koma tsohon zubi, ba muhawara. Mai kamfani ya sa hannu, ita ta sa, ni ma aka ba ni alƙalami na sa. Da la'asar ɗin Alhamis, bayan asibitoci sun tashi, aka saki.

Ranar Juma'a da misalin sha ɗaya da rabi na hau benen, na tarar da mai kamfani tsaye gaban babban allon da ke nuna alƙaluma, hula a hannu.

"Baba, ka zo a daidai," in ji shi. "Dubi wannan! Jiya war haka layin nan yana can sama, yau ga shi a ƙasa kamar an taka shi. Kusan rabi ya tafi. Injiniya, a janye kawai, kafin a fara kirana."

Na sa tabarau na duba. Jimillar allurai ce, kuma gaskiya ne ta yi ƙasa sosai in aka gwada da ta jiya.

"Yallaɓai," na ce, "yau wace rana ce?"

"Juma'a mana."

"To jiya fa?"

"Haba Baba, jarrabawa za ka yi mini?"

"Ai ku Kanawa in ba a kasuwa ba, ba ku san ranaku sun bambanta ba," na ce. "Alhamis ranar riga-kafi ce a yawancin asibitocin nan. Juma'a kuwa mata na wanki da girkin da za a ci in an sauko daga masallaci, ma'aikata ma hankalinsu na kan tashi da wuri. Tun ina akawu ban taɓa ganin rajistar Juma'a ta kamo ta Alhamis ba. In kana son ka san ko manhaja ta ɓata wani abu, gwada Juma'a da Juma'a, kuma awa da awa. Kada ka gwada rabin yini da yini cikakke."

Ya yi dariya duk da damuwarsa. "Ku Zage-zagi dai ba kwa barin mutum ya firgita cikin kwanciyar hankali."

Sai Injiniya ta jawo Juma'o'i huɗu da suka gabata, daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya da rabi, ta jera su a kan ta yau. Layukan biyar suka kwanta kusan a kan juna. Ta yau tana tsakiyarsu, ba ita ce mafi sama ba, ba ita ce mafi ƙasa ba. Ta nuna kurakuran saba: sun ma ragu. Ta nuna lokacin ajiye fom: ya gajarce ƙwarai, kamar yadda ta yi alkawari. Mai kamfani ya mayar da hularsa, ya ce Alhamdulillahi, ya ce in an sauko daga masallaci shi zai sayi tsire. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin kaina a wannan lokacin. Na ceci aikin 'yata da ilimin da na tara tun kafin a haife ta, kuma a gaban mai kamfaninsu.

Na ɗauki sandata zan sauka in yi alwala, sai na ji ta ce, "Baba, ɗan dakata. Saura na huɗu."

Na huɗun shi ne kason sababbin rajista. A Juma'o'in baya, cikin kowane yara goma da aka gani, kusan uku sababbi ne, sauran masu dawowa ne. A yau sababbin ba su kai biyu ba. Ya wuce iyakar da ta rubuta a allo, ba da kaɗan ba.

"Ai Juma'a ce," in ji mai kamfani. "Baba ya riga ya yi bayani."

"Da Juma'a na gwada, Yallaɓai," ta ce.

Na koma na zauna. Na ce mata alƙaluman rabin yini kaɗan ne, kuma ƙaramin adadi yana iya rawa ba don komai ba. Mata biyar su fasa fitowa a unguwa ɗaya, kaso ya motsa. Na faɗi haka ne domin gaskiya ne, amma na san a raina cewa ina kuma neman ƙofar da aikinta zai tsira. Ta yarda da maganar, ta ce to bari a raba asibiti-asibiti; in rawa ce kawai, za ta watsu ko'ina, wasu sama wasu ƙasa. Da ta raba, ba haka muka gani ba. Asibitocin cikin gari, inda matan ma'aikata ke zuwa, ba abin da ya same su. Amma na wajen Hayin Banki da wasu uku na bayan gari, dukkansu sun faɗi, kuma gefe guda suka faɗi.

Na roƙi takarda da rula. Samarin zamani suna ganin abin dariya ne, amma idona ba ya kama lissafi sai na ja layi da hannuna. Na yi gida biyu, sababbi da masu dawowa, na kwafe asibitocin nan huɗu. Ban kai ƙarshe ba na ga abin da ya tayar mini da hankali. Abin da ya ragu a gidan sababbi, kusan shi ne ya ƙaru a gidan masu dawowa. Shi ya sa jimilla ba ta motsa ba. Yaran sun zo, an yi musu allura, an kuma rubuta. Amma manhaja tana ɗaukar sabon jariri a matsayin wani da ta riga ta sani.

"Injiniya," na ce, "matatar nan taki, da me take gane yaro?"

"Da lambar wayar uwa da ranar haihuwa. In biyun suka zo ɗaya, yaro ɗaya ne. Ban sa suna ba, saboda kowa da yadda yake rubuta shi."

"In uwa ba ta san ranar haihuwa ba fa?"

Ta dube ni.

"A gida ta haihu," na ce. "Za ta ce miki bayan ƙaramar salla ne, ko sati biyu kafin bikin ƙanwarta. Me ma'aikaciya za ta rubuta? Tun zamaninmu, ɗaya ga wata ake sawa. Ni da kaina na koyar da hakan, domin gidan ranar haihuwa ba ya zama fanko. Ki buɗe kowace rajistar ƙauye, za ki rantse duk jariran watan rana ɗaya aka haife su."

"Amma lambar waya za ta raba su," in ji mai kamfani.

Wannan kam ban sani ba, domin a zamanina babu gidan rubuta lambar waya a rajista. Injiniya ta ɗauki wayarta ta kira babbar ma'aikaciyar jinya ta asibitin wajen Hayin Banki, ta buɗe murya kowa ya ji. Bayan gaisuwa ta tambaye ta ko sabuwar manhaja na ba su wahala.

"Wahala? Ai sauri take kamar an sa mata mai," in ji matar. "Sai dai yau ta cika ce mana ta san yaro. In sa jariri, ta buɗo mini shafi ta ce ga shi nan. To ga layi har waje, ga masu kuka, na ce tunda ta san shi, sai in rubuta allurar in sallami uwa."

"Sista, in uwa ba ta da waya, wace lamba kuke sawa?"

"Tawa mana! Ko ta mai unguwa. Ai fom ɗinku ba ya wucewa sai da lamba. Ke 'yar nan, rabin matan unguwar nan a wayata suke. Da safe in saƙonninku suka shigo, maigidana cewa yake ko gidan rediyo na buɗe. Ni nake aikawa gida-gida a gaya musu."

Muka yi mata godiya. Aka kashe wayar. Ba sai an yi wa kowa bayani ba: lamba ɗaya, ɗaya ga wata ɗaya, jarirai da yawa. Allurar wannan tana hawa shafin wancan. Wanda ba a yi masa ba zai bayyana kamar an yi masa, ba za a tuna wa uwarsa ba. Wanda aka yi masa kuwa babu shi a rajista kwata-kwata. Kuma saba ba ta ga kuskure ba, domin abin da aka umarce ta ta yi.

Mai kamfani ya zauna a bakin tebur. Mutumin da ɗazu yake cewa a janye, yanzu shi ne ya juya.

"To a kashe matatar kawai, a bar sauran," ya ce. "Saurin nan shi za mu nuna ranar Talata."

"Ban yi mata makunni ba," in ji Injiniya. "A cikin hanyar ajiye fom na saƙa ta. Wannan kuskurena ne, ya kamata a ce akwai inda za a kashe ta ita kaɗai."

"To ki gyara yau. Ki ƙara suna, ko jinsi, ko me ma. Kina da Asabar da Lahadi."

"Zan iya rubuta gyaran kafin la'asar. Abin da ba zan iya ba shi ne in tabbatar bai ɓata wani abu ba kafin Litinin. Wancan ma wata huɗu muka gwada shi, da bayanan da muka ƙirƙira a nan ofis, kowane yaro da lambarsa da ranarsa. Litinin kuma ta fi Juma'a cika nesa ba kusa ba. Abin da ya faru yau a rabin yini zai ninka."

Ya juyo gare ni. "Baba, kai fa ka ce alƙaluman kaɗan ne."

Na fahimci abin da yake miƙo mini. Da na ce a jira Litinin a ga ƙarin alƙaluma, da ba wanda zai ce na yi ƙarya, kuma da aikin 'yata ya kai Talata a tsaye. Na dube ta. Ba ta dube ni ba, allo take kallo.

"Na faɗa, Yallaɓai," na ce. "Lokacin da ba mu san dalili ba, ƙarancinsu abin lura ne. Yanzu mun san dalili, mun kuma ji shi daga bakin mai aikin. Hannuna yana kan allon can tare da naka."

Ya juya wajen Injiniya ya ce da ita, a hankali, ba da faɗa ba, "Kin san ke za ki tsaya gabansu."

"Na sani."

"Kuma tsohon zubin zai karanta abin da sabon ya rubuta? Kada mu je gyaran wannan mu rasa wancan."

Ta ce ta tsara ma'ajiyar bayanan yadda tsohon zai ci gaba da aiki a kanta, kuma sun gwada komawar tun kafin a saki. Ta ce manhajar daga saba take buɗewa, don haka da zarar an mayar, duk asibitin da ya sabunta shafinsa zai ga tsohon fom. Sannan na'ura tana da kundin da take rubuta duk abin da ta yi, kuma duk inda matata ta haɗe yara biyu yana ciki, tare da sunan da ma'aikaciya ta fara shigarwa. Za a iya bi ɗaya bayan ɗaya a raba.

"To bismilla," in ji shi.

An fara kiran salla a masallacin da ke bayan benen lokacin da ta jawo kujera. Ni a tunanina abin zai zo da wani tashin hankali, tunda wata huɗu ake rushewa. Layi biyu ta rubuta, ta karanta su da ƙarfi domin mai kamfani ya shaida, ta danna. Muka jira abin da bai fi a sha kofin ruwa ba. Ta buɗe shafin a wayarta, ga tsohon fom mai tsawo ya dawo. Ta shigar da jariran gwaji biyu masu lamba ɗaya da rana ɗaya, ya karɓe su a matsayin biyu, ta goge su. Ta aika wa asibitoci saƙo cewa an koma tsohon fom na ɗan lokaci, su sabunta shafi, kuma kada su yi gyara da kansu a kan na yau.

Mai kamfani bai fasa sayen tsiren ba. Bayan mun dawo daga masallaci muka baje takardarsa a gefe, ita tana karanto kundin, ni ina jerawa a takarda asibiti-asibiti, sunan yaron da aka rubuta wa da sunan wanda ya kamata. Wasu haɗin daidai ne, yaro ɗaya ne da gaske, matatar ta yi aikinta. Waɗanda muke shakka muka ware domin a tambayi ma'aikatan jinya su duba katunan hannun iyaye. Kafin la'asar sakaliya mun gama jerin.

Ranar Litinin da azahar muka sake tsayawa gaban allon, wannan karon Litinin da Litinin. Lokacin ajiye fom ya koma jinkirinsa na da, kuma Sista ta riga ta bugo ta yi mita a kan haka. Amma kason sababbin rajista a asibitocin nan huɗu ya koma inda yake a makonnin baya. Wannan ne ya tabbatar mana cewa zubin ne, ba wani abu dabam ba.

Talata ba ranata ba ce, amma na sa babbar riga na je. Na zauna a kujerar baya. Baƙin su uku ne, shugabarsu wata mace mai ƙarancin murmushi, kuma tun kafin a zauna ta tambayi ina sabon abin da aka kira su gani. Injiniya ta miƙe ta ce babu shi, ta janye shi ranar Juma'a. Ta nuna ma'auni huɗun da iyakokinsu, ta nuna ukun da suka yi kyau da na huɗun da ya faɗi, ta faɗi yawan yaran da abin ya shafa da yawan waɗanda aka riga aka raba. Ta ce laifin tsarin nata ne, domin ta gina matata a kan yadda take zaton ana cika fom, ba yadda ake cika shi ba. Ba ta ambaci matsin lokaci ba, ba ta jingina wa ma'aikatan jinya ba. Ta nemi mako uku, ta ce wannan karon matata za ta tambayi ma'aikaciya ne kafin ta haɗe, za ta kasance da makunninta, kuma asibiti biyu za a fara ba wa kafin sauran.

Matar ta daɗe tana rubutu. Ba ta ɓoye ɓacin ranta ba. Ta ce sun riga sun sanar da na sama da su cewa an gama, kuma yanzu ita ma sai ta je ta yi bayani. Sannan ta tambaya, "Wa ya umarce ki ki janye?"

"Babu kowa, Hajiya. Mun rubuta sharaɗin tun kafin mu saki."

"Mako uku," in ji matar. "Kuma jerin ma'aunan nan, a aiko mini da shi. Akwai wasu masu yi mana aiki da nake so su gani."

Da suka sauka, mai kamfani ya sauke numfashi ya ce shi kam gara ya yini a kasuwa ana yi masa tayin wulaƙanci da ya sake zama irin wannan. Injiniya kuwa ta koma teburinta ta buɗe kwamfuta kamar ba abin da ya faru. Na je na tsaya a gefenta. Ina da jawabi a bakina, na shirya shi tun ina kujerar baya, mai sassa uku. Da ta ɗago ta dube ni, sai duk ya tafi.

"Sannu, Injiniya," na ce.

"Yauwa, Baba. Gobe za ka iya raka ni Hayin Banki? Ina so in zauna bayan Sista in ga yadda take cika fom ɗin tun daga farko."

Na ce mata ƙarfe bakwai da rabi za mu fita, domin in ta kai takwas ba za ta sami wurin zama ba.